Yadda za ka gane shaidar biya ta gaskiya idan mai POS ya nuna maka waya

Yawancinmu da muke saro kaya daga nesa haka muke yi. Ka yi ciniki da dila a Kantin Kwari ta waya, ka ɗauki tsabar kuɗinka ka je rumfar mai POS, ka ce ya tura wa Alhaji. Ya ƙirga kuɗi, ya yi 'yan danne-danne, ya juyo maka da waya, ka ga kore da kalmar Successful, ka tafi gida da kwanciyar hankali. Na taɓa yin haka da naira dubu tamanin da biyar na kuɗin atamfa. Sai da yamma Alhaji ya kira yana tambaya ko na fasa sayen ne. Hoton tsohon risit aka gyara aka nuna mini, kuma ko da na koma washegari babu yaron babu lemarsa. Tun daga ranar nake bin waɗannan matakai, ba na barin gaban teburi sai na gama su.

Mataki na farko tun kuɗi na hannunka ne. Karanta masa lambar asusun, lambobi goma, ka faɗi bankin, amma kada ka faɗi sunan mai asusun. Bari shi ya karanto maka. Idan manhaja ce ta gaskiya kuma tana kan layi, da an shigar da lambar sunan mai asusu zai fito da kansa kafin a tura ko sisi. Wanda ya kasa faɗa maka sunan, ko ya ce "wane suna ne ma?", bai buɗe komai ba tukuna. Sai sunan ya dace sannan ka miƙa kuɗi.

Bayan ya ce ya tura, kada ka tsaya kallon waya daga nesa. Hoton allo ba ya motsi, manhaja kuwa tana motsi, kuma nan ne bambancin yake. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, don Allah koma baya ka buɗe mini jerin turawar yau." A manhaja ta gaskiya zai koma, jerin ya fito, taka tana sama, ya taɓa ta ta sake buɗewa. Idan hoto ne, komawa baya ma'ajiyar hotuna zai kai shi. Za ka iya sa yatsu biyu a kan allon ka buɗa su: hoto zai yi girma gaba ɗayansa, har da alamar batir da agogon da ke can sama. Dubi wannan agogon ma. Hoto yana ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi, to idan agogonka ya ce uku da rabi, na saman allon ya ce sha ɗaya, an gama magana. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan roƙo, domin ba ya ɗaukar ko minti ɗaya.

Sai ka karanta risit ɗin da kyau. Masu gyaran hoto adadin kuɗi da suna da kwanan wata suke canzawa, saboda su ne mutane ke kallo. Abin da suka fi mantawa da shi wata doguwar lamba ce a ƙasa, wadda aka rubuta Session ID a gabanta. Kuɗin da ya tashi nan take daga wani banki zuwa wani a Najeriya galibi ta hanyar NIBSS yake bi, wato kamfanin da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi, kuma kowace turawa tana samun tata lambar, mai lambobi talatin. Ba jerin banza ba ne. Shida na farko lambar bankin da ya tura ne. Sha biyu na tsakiya lokaci ne: shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa, kowanne lambobi biyu. Sha biyu na ƙarshe su ke bambanta ta da sauran. Ga misali da na ƙirƙira, na rarraba shi don a gani:

```
123456 250312 153207 481920375561
```

Ka tsallake shida na farko da yatsa. 250312 yana nufin 12 ga Maris 2025, sannan 153207 ƙarfe uku da minti talatin da biyu na rana. To idan kana tsaye a gaban teburi ranar 12 ga Maris, saman risit ya ce yau, amma tsakiyar lambar ya ce 250226, wannan turawar tun 26 ga Fabrairu aka yi ta, aka ɗora sunan Alhaji a kai. Bambancin minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne, na kwanaki shi ne abin tsoro. Sai dai idan asusun mai POS da na dilanka a kamfani ɗaya suke, kuɗin ba ya fita waje, don haka ƙila wata lambar ciniki ta daban za ka gani. Rashin Session ID a nan ba alamar cuta ba ce.

Duk waɗannan suna kama malalacin ɓarawo ne kawai. Akwai wanda zai gyara har doguwar lambar, akwai kuma manhajojin bogi da aka kwaikwayi na banki, suna motsi suna nuna jeri. Takardar da inji ya fitar ma tana iya zama tsohuwa aka sake bugawa. Shi ya sa matakin da ba na tsallakewa ko da ana ruwa shi ne kiran wanda aka tura wa, ina tsaye a wurin.

A nan ma akwai yadda ake tambaya. Kada ka ce "Alhaji, ka ga alat?" Saƙon tes ana iya ƙirƙirarsa da sunan banki, ya shiga cikin jerin saƙonnin banki na gaskiya. Ka ce, "Alhaji, a taimaka a duba cikin asusun, ko dubu tamanin da biyar ta hau." Ya buɗe manhajarsa, ko ya danna lambar bankinsa, kamar *737# ta GTBank ko *894# ta First Bank, ya ga ragowar kuɗinsa ta ƙaru. Ka tambaye shi sunan da ya zo da kuɗin. Sunan mai POS ko na shagonsa zai gani, ba naka ba, don haka ka sa a rubuta sunanka a wurin bayani tun lokacin turawa, kada kuɗinka ya ɓace cikin na wasu.

Wani lokaci babu cuta, layi ne ya yi nauyi. Allo ya nuna Pending ko Processing, ko ma ya ce Successful amma Alhaji bai ga komai ba. Hatsarin a nan shi ne idan turawar ta faɗi daga baya, cikin asusun mai POS kuɗin zai koma, ba aljihunka ba. Ka zauna a benci ka jira minti goma ko sha biyar. In tafiya ta kama, ɗauki hoton risit da wayarka yadda lambobi talatin ɗin za su fito sarai, ka karɓi lambar wayar mai POS ka kira ta ta yi ƙara a gabanka, ka sa maƙwabcin rumfarsa ya shaida. Da lambobi talatin ɗin nan ne bankin Alhaji zai iya bincika ko kuɗin ya iso. Kuma in kuɗin da yawa, ka raba shi biyu: tura dubu biyar tukuna, Alhaji ya ce ta hau, sannan ka ƙirga sauran.