Yadda Ake Rubuta Shafin Kwas na Intanet da Kalmomin da Masu Koyo Ke Nema

Mai kwas yakan raɗa wa kwas ɗinsa suna mai daɗin ji, kamar "Shirin Bunƙasa Basira, Zango na Biyu", ya sa shi a saman shafin da ake yin rajista, sannan ya zauna jiran ɗalibai. Ita kuwa matar da take son koyon ɗinki, idan ta ɗauki wayarta da dare bayan yara sun kwanta, abin da za ta buga a Google shi ne "yadda ake yanka riga". Tsakanin sunan da malami ya zaɓa da kalmomin da ɗaliba ta buga akwai rata, kuma aikin da ke gabanmu shi ne cike ta. Za mu ɗauki misalin malama mai koyar da ɗinkin mata da Hausa, a kwas na mako 6 mai bidiyo 24, mu bi shafinta daga farko.

Matakin farko shi ne tattara kalmomin, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Ka buɗe Google a waya, ka buga farkon jimla kamar "koyon dinki" ko "yadda ake dinka", ka dakata ba tare da ka danna nema ba. Jerin da ke saukowa ƙarƙashin akwatin yana fitowa ne daga abubuwan da mutane suka saba nema, don haka ka kwafe shi a takarda yadda yake. Ka maimaita haka a YouTube, domin mai neman sana'ar hannu sau da yawa bidiyo yake so, sannan ka gangara ƙasan shafin sakamakon Google ka kwafi sauran kalmomin da ya jera. Google Trends, shafin Google da ke nuna yadda ake neman kalma, yana taimakawa wajen gwada kalma biyu, sai dai lambobinsa daga 0 zuwa 100 ma'aunin kwatance ne, ba adadin mutane ba, kuma a kalmomin Hausa da yawa yakan nuna cewa bayanai ba su isa ba. A ganina, taskar da ta fi waɗannan duka tana cikin wayar malamar kanta: saƙonnin da masu tambaya suka turo mata a WhatsApp. Wadda ta rubuto cewa "Malama, ban taɓa hawa keke ba, zan iya shiga?" ta riga ta ba ka kanun wani sashe na shafin da bakinta.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a wannan mataki. Hausawa da yawa ba sa buga ƙ, ɗ da ɓ a waya, sai su rubuta "dinki" a maimakon "ɗinki". Ka nemi kalmar ta siga biyun, ka duba ko shafukan da suka fito iri ɗaya ne. Idan sun bambanta, shawarata ita ce ka bi sigar masu nema a take da taƙaitaccen bayani, ka riƙe ingantaccen rubutu mai lanƙwasa a cikin jikin shafin.

Daga jerin da ka tara, ka zaɓi jimla guda wadda ta dace da abin da ake sayarwa. Mai buga "yadda ake dinka hannun riga" amsa ɗaya yake nema ta kyauta, amma mai buga "koyon dinki da Hausa" yana neman wanda zai ɗauke shi daga tushe, kuma shi ne mai yiwuwar biyan kuɗi. Wannan jimlar ta biyu ita ce za ta shiga take, ta farko kuma a ajiye ta don kanun ciki.

Mataki na biyu shi ne take, wato shuɗin layin da ake dannawa a sakamakon bincike. Google yana yanke shi idan ya yi tsawo, kuma iyakar tana faɗowa kusa da harafi 60, saboda haka ka sa babbar jimlar a farko, ka biyo da abin da ɗaliba za ta iya yi bayan ta gama. Na uku shi ne taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take. Shi ba ya ɗaga matsayin shafi da kansa, amma shi ke sa a danna ko a wuce. Ana yanke shi wajen harafi 155, a waya ma yakan gaza haka, don haka muhimmin zance ya zo da wuri. Ga yadda na malamarmu zai kasance, take mai harafi 50 da bayani mai harafi 135:

```html
<html lang="ha">
<title>Koyon Dinki da Hausa: Yanka da Dinka Riga da Siket</title>
<meta name="description" content="Koyi dinki daga farko cikin mako 6: daukar awo, yanka da dinka riga da siket. Bidiyo 24 da Hausa a wayarki, da gyaran aiki ta WhatsApp.">
```

Wanda ke amfani da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ba sai ya taɓa wannan rubutun ba, domin ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, irin su Yoast SEO da Rank Math, suna ba da akwatunan da ake cikewa. Kada ka wahalar da kanka da `meta keywords`, wato layin da ake jera kalmomin nema a ɓoye cikin shafi, domin tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera shafuka.

Mataki na huɗu shi ne kanun da ke cikin shafin. Babban kanu, wato `h1`, ya zama guda ɗaya mai faɗin abin da take ya faɗa, ko da an ɗan faɗaɗa shi. Idan take ya ce koyon ɗinki, babban kanu kuma ya ce "Barka da Zuwa", Google na iya sauya taken da wani rubutu da ya tsinto a shafin, ita ma ɗalibar da ta shigo za ta yi zaton ta ɓata hanya. Ƙananan kanu, wato `h2`, su ɗauko tambayoyin nan da ka kwafa:

```html
<h1>Koyon Ɗinki da Hausa Daga Farko Cikin Mako 6</h1>
<h2>Yadda ake ɗaukar awo da yanka riga</h2>
<h2>Zan iya shiga idan ban taɓa hawa keke ba?</h2>
<h2>Nawa ne kuɗin kwas, kuma yaya ake biya?</h2>
```

Ƙarƙashin kowane kanu a ba da amsa a jimlar farko. Idan tambayar kuɗi ce, a faɗi kuɗin, kada a ce "tuntuɓe mu". Haka kuma a rubuta kanun da haruffa na gaske, domin kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne shafin da duk bayaninsa yake cikin hoton talla guda ɗaya, alhali rubutun da ke cikin hoto ba ya tsayawa a matsayin kanu.

Bayan an wallafa, ka yi wa shafin rajista a Google Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, ka sa adireshinsa a URL Inspection, ka danna Request indexing. Idan an yi 'yan makonni, ka buɗe Performance ka duba Queries, inda za ka ga ainihin kalmomin da suka fito da shafinka. Idan Impressions suna da yawa amma Clicks kaɗan ne, ana ganin shafin ba a dannawa, sai ka fara duba matsayinsa a Average position. In shafin yana fitowa a sahun farko na sakamakon bincike, gyaran na take da bayani ne. Idan kuwa kalmomin da ke fitowa na masu neman sayen keken ɗinki ne ko masu neman tela, to babbar jimlar da ka zaɓa ce ba ta dace ba, sai ka koma ga takardarka ta matakin farko ka ɗauki wata. Ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta ranar da ka sauya shi, domin ka gane wane gyara ne ya motsa lambobin.