Darasi na Bakwai: Gano Shekarar da Abu Ya Faru a Tarihin Unguwa

Wanda ya ɗauki aikin rubuta tarihin unguwarsu zai tarar cewa dattawa suna riƙe da sunayen mutane, da wanda ya gaji wani, da inda kowane gida ya samo asali, amma da wuya su faɗi shekara da lamba. Abin da za su ce shi ne an yi abu kaza a zamanin sarki wane, ko shekarar fari, ko lokacin da ake goyon wane. Aikin mai rubutu shi ne ya mayar da irin wannan magana ta zama shekara, sa'an nan ya gwada ta da takarda. Za mu bi misali ɗaya wanda muka tsara domin koyo. Mu ƙaddara 'yan ajinmu suna so su san shekarar da aka yi wa masallacin wata unguwa a cikin birnin Zariya rufin kwano na farko.

Kafin a fara hira, a sanar da mai unguwa da liman abin da ake nufi, domin dattijon da ya ji cewa manya sun san da zancen ya fi sakin jiki. A je da hantsi ko bayan la'asar, a riƙe ɗan goro, a nemi izini kafin a ɗauki murya da waya. Hirar tsofaffin mata a cikin gida, mata 'yan aji ne za su yi ta. A saman kowane shafi a rubuta sunan mai magana, da ranar hirar, da kuma amsar tambaya guda wadda ba a tsallake ta: abin nan da idonsa ya gani, ko labari aka ba shi? Kowa kuma a gana da shi shi kaɗai, saboda idan aka tara dattawa a zaure ɗaya, ƙarami ba zai musa wa babba ba, sai a tashi da bakin mutum guda ana zaton an ji na mutum biyar.

Yadda ake jefa tambaya yana iya ɓata amsa. Idan aka ce, "Baba, ai a zamanin Sardauna aka yi rufin nan ko?" to an riga an sa masa magana a baki, kuma saboda kara zai ce haka ne. Abin da ya dace shi ne a ce, "Baba, lokacin da aka yi rufin, wa ke sarauta? Kana da aure a lokacin? Da wane irin kuɗi aka sayi kwanon?"

Kowane ɗalibi ya keɓe shafin farko na littafinsa domin shekarun da aka tabbatar, waɗanda zai riƙa auna magana da su. A Zariya sarautar Zazzau ce ma'auni na farko. Sarki Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Sarki Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Sarki Shehu Idris kuma daga 1975 zuwa 2020. Sai a ƙara da abubuwan da kowa ya shaida, kamar buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da kisan Sardauna a watan Janairu na 1966, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da komawar motoci hannun dama a 1972, da soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979.

A misalinmu, dattijo na farko ya ce an yi aikin a zamanin Sarki Ja'afaru. Wannan ya taimaka, amma zamanin ya kai shekara ashirin da biyu, saboda haka ƙofar tana da faɗi ƙwarai. Wata tsohuwa kuwa ta ce, "Ɗiyata, ba zan manta ba, shekarar canjin kuɗi ce, ina goyon ɗana na fari, har mu mata muka ba da namu taro da sisi." Da jin haka yawancin ɗalibai za su rubuta 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Sai dai idan 1973 ce, maganar dattijo na farko ta rushe, domin a lokacin Sarki Ja'afaru ya shekara goma sha huɗu da rasuwa.

A nan ne ake bukatar haƙuri, domin canjin kuɗi ba sau ɗaya aka yi shi ba. An yi a 1959, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasar nan na kanta a madadin wanda ake kashewa tare da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. An sake yi a farkon 1968, ana tsakiyar yaƙi. Na naira ya zo ranar 1 ga Janairu, 1973, sa'an nan a 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi. Duk huɗun nan tsofaffi suna kiransu canjin kuɗi. Daga cikinsu guda ɗaya ne kawai ya faɗo a shekarar da Sarki Ja'afaru yake raye, wato na 1959. Kada kuma a dogara da cewa tsohuwar ta ambaci taro da sisi a ce an gama hujja, domin mutanenmu sun ci gaba da lissafi da tsoffin sunaye shekaru da yawa bayan zuwan naira, suna kiran naira biyu fam, kwabo goma kuma sule. Fam da sule a baki ba su tabbatar da komai ba, amma idan aka gan su a rubuce a kan rasit, to takardar ta girmi 1973.

Hanyar da ta rage ita ce a bi ta kan ɗan da ake goyo. Da aka tambaye shi, sai ya kawo takardar rantsuwar shekaru ta kotu, wadda ta ce an haife shi ranar 1 ga Janairu, 1962. Irin wannan takarda sai an yi hattara da ita. Ana yin ta ne bayan mutum ya girma, lokacin neman makaranta ko aiki, kuma sau da yawa kintace ake yi ko a rage shekaru da gangan. Ganin 1 ga Janairu ma kansa alama ce ta cewa ba a san ainihin ranar ba. Amma a cikin gafakar mahaifinsa an sami wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, inda ya rubuta da ajami cewa an haifa masa ɗa namiji a watan Rajab na shekarar 1378. Wannan ta fi ƙarfi, saboda an rubuta ta a lokacin da abin ya faru, kuma wanda ya rubuta ba ya neman komai da ita.

Mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya lissafi ne mai sauƙi. A raba shekarar da 33, a debe abin da aka samu daga cikinta, sa'an nan a ƙara 622. Idan aka raba 1378 da 33 za a sami kusan 42. A debe 42 ya rage 1336. A ƙara 622 ya zama 1958. Wannan lissafi kusantarwa yake yi, domin shekarar Hijira takan ratsa shekara biyu na Miladiyya. Ita 1378 ta kama ne a watan Yuli na 1958, saboda haka Rajab, wata na bakwai, ya faɗo a farkon 1959. Ke nan sa'ad da sabon kuɗi ya fito a tsakiyar 1959, yaron yana da wata shida ko kusa da haka, daidai lokacin goyo. Maganar tsohuwa da ta dattijo da takardar gafaka duk sun haɗu a wuri ɗaya.

Da an tsaya nan da an rubuta 1959 an rufe littafi. To, sai iyalan tsohon ma'ajin masallaci suka fito da rasit na sayen bandir uku na kwano daga wani kanti a Sabon Gari, an rubuta kuɗin da fam da sule, kwanan watan kuma na 1961 ne. Wannan bai ƙaryata kowa ba, ya dai nuna cewa sai an koma wurin masu magana. Da aka koma aka ce wa tsohuwar, "Inna, shekarar da kuka ba da kuɗin, a ita aka ɗora kwanon?" sai ta ce a'a, an daɗe ana tarawa, har ta yaye yaron kafin a ga rufi. Abin da ta riƙe shi ne lokacin karo-karo, abin da rasit ya riƙe kuma shi ne lokacin saye. Haka tunanin ɗan Adam yake yi, yakan dunƙule aikin shekara biyu ko uku ya mai da shi shekara guda, ya rataya shi a jikin babban abin da ya fi tunawa. Ita ma takarda tana da iyakarta, domin rasit ya nuna ranar da aka sayi kaya ne, bai nuna ranar da kafinta ya hau sama ba.

Wani dattijo na uku ya ce Sardauna da kansa ya ba da gudummawa. Irin wannan magana tana yawan fitowa, domin mutane suna son jingina abin unguwarsu da babban suna, amma hakan bai isa a jefar da ita ba. Ana iya duba tsoffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, ko a tambaya a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'a a Samaru, ko Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda takardun Lardin Zazzau suke. Idan ba a sami komai ba, a rubuta maganar da sunan wanda ya faɗa, a bayyana cewa bakinsa kaɗai aka ji ta. Rashin ganin abu a takardun hukuma ba hujja ba ce cewa bai faru ba, tunda ma'aikatan En'e haraji da shari'a da naɗin sarauta suka fi rubutawa.

Ga yadda sakin layin zai fito a littafin tarihin unguwa: "An fara tara kuɗin rufin kwano a 1959, a ƙarshen zamanin Sarki Ja'afaru, kamar yadda mutum biyu da suka shaida abin suka faɗa, kuma takardar haihuwa ta shekarar 1378 ta ƙarfafa maganarsu. Rasit ya nuna an sayi kwanon a 1961, saboda haka ba a yi rufin kafin wannan shekara ba. Mutum ɗaya ya ce Sardauna ya ba da gudummawa, amma ba mu ga wannan a rubuce ba." Duk takardar da aka aro a ɗauki hotonta gaba da baya a mayar wa mai ita a ranar, kuma a karanta wa dattawan abin da aka rubuta kafin a kai shi ga mai buga littafi.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya a unguwarsu, rijiya ko makarantar allo ko zuwan famfo, ya yi hira da mutum biyu a rarrabe, ya zo aji da abin da kowannensu ya jingina shekarar da shi, tare da hoton takarda ɗaya idan ta samu.