Yadda ake taya abokin hulɗar kasuwanci murna ba tare da zumunci ya yanke ba

Shekara bakwai ina sarin atamfa a Kantin Kwari a shagon wani Alhaji, kuma a duk shekarun nan ba shi nake samu ba, yaronsa ne ke zaɓa mini kaya, ya ɗaure, ya kai tasha. Ranar da na ji maigidan ya sallame shi ya buɗe nasa shagon, na yi murna ƙwarai, amma nan da nan lissafi ya shigo: in na koma wurin yaron gaba ɗaya na ɓata da Alhaji, in na yi shiru kuma na zama mara kirki. Irin wannan tsaka mai wuya ita ce ainihin wahalar taya abokin hulɗa murna. Cewa "Allah ya sanya alheri" kowa ya iya. Abin da ake kasawa shi ne a faɗe ta a kan lokaci, ba roƙo a bayanta, sannan a ci gaba da hulɗa bayan hayaniyar murna ta lafa.

Fara da tabbatar da labarin

Kada ka yi gaisuwa da jita-jitar kasuwa. Ana cewa "an sallami wane" a kan wanda maigida ya ba jari ya sa masa albarka, ana kuma faɗin haka a kan wanda aka kora. Kafin ka ɗaga waya, ka tambayi wani maƙwabcin shago da ka yarda da shi: lafiya suka rabu? Maigidan ne ya kama masa shagon, ko shi ya ɓalle? Amsar ce za ta nuna maka wanda za ka fara gaisarwa da irin maganar da za ka yi.

Haka abin yake a wurin ma'aikata. Canjin wurin aiki daban, ƙarin girma daban, kuma akwai wanda ake ɗauke shi daga kujera mai maiƙo a kai shi hedikwata da babban suna, shi kuwa a ransa hukunci ne. A aikin gwamnatin tarayya mataki na 15 ƙaramin mataimakin darakta ne, na 16 mataimakin darakta, na 17 darakta. In ka kira wanda ya hau 16 da darakta ba zai gyara maka ba, amma ya gane ba ka bin labarinsa. Wanda kuma yake riƙon ƙwarya ka ce masa Allah ya tabbatar, kada ka yi masa murnar abin da bai zama nasa ba tukuna.

Kira a cikin kwana biyu, ka kuma gajarta

Ranar farko wayarsa ba ta hutawa, don haka saƙo ya isa. Washegari ko jibi ka kira da baki, da hantsi ko bayan la'asar, ba da dare ba, musamman in abokiyar hulɗar matar aure ce. Minti biyu ya wadatar. Addu'a kuma kowane hali da tasa. Mai sabon shago ana ce masa Allah ya kawo kasuwa, Allah ya sa albarka, Allah ya tsare asara. Mai sabon muƙami ana ce masa Allah ya taya riƙo, Allah ya ba da ikon sauke nauyi, Allah ya sa a gama lafiya.

Abin da ke raba saƙonka da ɗaruruwan da suka shigo masa shi ne abu guda na gaskiya da ku biyu kuka sani. Ga abin da na rubuta wa yaron nan: "Salamu alaikum ƙanena. Na ji abin arziki, Allah ya sanya alheri, ya kawo kasuwa mai albarka. Ban manta ranar da ka kira ni ka ce kuɗina sun yi rara da turmi ɗaya ba, alhali ni ban lura ba. Mai wannan hali ba ya taɓewa in sha Allahu. Ina nan tafe ranar Asabar." Ba hoton fure, ba doguwar addu'ar da aka turo daga wani wuri aka manta ba a cire sunan wani ba. Na taɓa karɓar irin wannan, da sunan wani mutum daban a ƙasa, har yau ina tunawa.

A kula da kira. Wanda jiya kake kiran sunansa kai tsaye, yau yana da yara a ƙarƙashinsa. Tsakaninku ka ci gaba da "ƙanena" in haka kuka saba, amma a gaban yaransa ka ce "maigida" ko "malam". Shi kuma ma'aikacin da ya zama manaja, "ranka ya daɗe" ko "yallaɓai" a ofis ba ta rage ka da komai. Sai dai kada ka yi ta zuba kirari kamar maroƙi, domin nan take zai fara jiran abin da zai biyo baya.

Kada buƙata ta hau bayan murna

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. "Allah ya taya riƙo, af, batun takardar nan tawa fa?" Da ka faɗi haka ka goge addu'ar, ka shiga layin masu zuwa cin arziki. Mai sabon matsayi yana tantance mutane a makonnin farko ko bai faɗa ba, yana duba wa ya zo don shi, wa ya zo don kujera. Ko da kana da buƙata ta gaskiya wadda ta riga ƙarin girman, ka raba su: murna yau, buƙata bayan mako biyu ko uku, a kira daban, ta hanyar da aka saba bi. In abin gaggawa ne, ka bi ta wurin wanda ya gaji tsohuwar kujerarsa.

A wurin mai sabon shago, buƙatar da ke kashe zumunci ita ce bashi. Jarinsa bai yi ƙwari ba, kayan da ke kan kanta wataƙila rabi na tsohon maigidansa ne da zai sayar ya mayar da kuɗi. Kunyarka za ta hana shi ce maka a'a, ya ba ka, ya kwana yana lissafi. 'Yan kasuwa da yawa ko cinikin farko na safiya ba sa son ya zama bashi, balle cinikin farkon shago.

Je da ƙafarka, ka yi ciniki da kuɗi a hannu

Zumunci a ƙafa yake. Na je ranar Asabar ɗin da na ce, amma ban wuce shagonsa kai tsaye ba. Na fara biyawa wurin Alhaji, na gaishe shi, na ce: "Alhaji, na ji abin alherin da ka yi wa yaron nan, Allah ya saka, Allah ya ƙara buɗi." Ya yi murmushi ya ce ai yaron kirki ne, sannan da bakinsa ya kwatanta mini layin da shagon yake. Wannan gaisuwar ta minti biyar ita ta wanke ni. Da a bakin wani ya ji an gan ni a can, da sai ya ɗauka yaron ya fara janye masa masu saye, kuma da na jawo wa yaron matsala a makonsa na farko. Na yi sarina na kullum a wurin Alhaji, ban rage ko turmi ba.

A sabon shagon na zauna kamar rabin awa. Na sayi turmi huɗu, ban nemi ragi ba sai wanda shi ya yi da kansa, na biya nan take. Kyautar da na kai tabarmar sallah ce da buta da agogon bango, abubuwan da sabon shago ke buƙata amma mai shi ba ya tunawa sai ya zauna. Duk lokacin da mai saye ya shigo sai in yi shiru in ba shi wuri. Kada ka zama baƙon da ya mamaye benci har azahar, kuma kada ka tambaye shi nawa aka ba shi jari ko nawa ya kama shagon. In yana so ka sani zai faɗa.

Kyauta ga ma'aikaci kuwa, a yi hattara

Abin da ya yi kyau a kasuwa yana iya zama laifi a ofis. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ta hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, har ta ce kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati ana ɗaukarta ta saɓa doka sai in an tabbatar da akasin haka. Abin da ta bari shi ne kyautar 'yan'uwa da abokai gwargwadon al'ada. Kafin ita ma akwai hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya sa bai zauna a gidan ubansa ko uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa. Bankuna da manyan kamfanoni ma suna da nasu dokokin. Gwajin mai sauƙi ne: in kana da fayil a teburinsa, ko kana sa ran samu, kada ka kai rago, kada ka kai ambulan. Kira, da zuwa walima in an gayyace ka, sun isa. Mutumin kirki zai ji daɗin ba ka sa shi a halin mayar maka da kaya ba.

Bayan wata guda

Zuwa lokacin masu murna sun watse, haya da kuɗin wuta da 'yan bashi sun fara bayyana, shi kuma manaja ya gane nauyin kujerar. Kiran da ka yi yanzu ya fi na ranar farko daraja. Ka tambaye shi yaya kasuwa, ka saurara. In ka lura ya rage ɗaukar wayarka kada ka yi saurin cewa ya canza, wataƙila aiki ne ya yi masa yawa, sai ka koma gajeren saƙo ranar Juma'a ko gaisuwar sallah. Amma in sau uku a jere ba amsa, ka ja baya kaɗan ka bar shi ya neme ka.

Abin da ya fi kowace kyauta shi ne ka tura masa mai saye. Wata mai sayar da kayan lefe a garinmu ta tambaye ni inda za ta samu mai amana a Kwari, na kira shi tukuna na nemi izini, sannan na haɗa su, na kuma gaya masa a fili cewa haɗawa na yi, ban tsaya mata a kan bashi ba. Wannan sharaɗin kada ka bar shi a zuci, domin in ciniki ya lalace kai za a nema. Shi kuma sabon yaron da Alhaji ya ɗora a kan tsohon shagon, na karɓi lambarsa tun ranar, na koya masa irin zanen da masu sayena ke so, don yanzu shi ke ɗaure mini kaya zuwa tasha.