Tallar Tsohon Littafin Karatu: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk ƙarshen zangon karatu a Jos, da an fito daga jarabawa, sai tallar littattafai ta cika wayoyinmu. Ɗaliban Jami'ar Jos, na Naraguta da na Bauchi Road, kowa na neman ya rabu da abin da ya gama da shi, ya samu kuɗin mota ko na wani littafin. Wannan ba laifi ba ne, da yawanmu da littafin hannu muka yi karatu. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake rubuta tallar: hoton bango ɗaya, sai a sa a ƙasa, "Na sayarwa, yana nan garau, mai so ya yi magana." Mai saye bai riƙe littafin ba, bai buɗe shi ba, kuma wataƙila daga Bukur ko Rikkos zai turo kuɗinsa. Abin da ka rubuta shi ne idonsa. In ka bar shi cikin duhu, ko dai ba zai saya ba, ko ya saya ku dawo kuna rigima.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne na bugu. Mutane suna buɗe littafi, su ga shekara mafi kusa, su kwafa su ce ai bugun wannan shekarar ne. Alhali abu biyu ne daban. Akwai sabon bugu, wanda marubuci ya koma ya gyara, ya ƙara babi ko ya cire, lambobin shafi suka canza. Akwai kuma maimaita bugu, wato kwafin da ke kasuwa ya ƙare, kamfani ya sake buga tsohon abin nan yadda yake, sai dai ya ƙara sabuwar shekara. Littafin da aka rubuta a 2014 aka maimaita buga shi a 2021, ilimin 2014 ne a cikinsa, komai ƙyallin takardarsa.

Wurin da za ka gane wannan shi ne bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, inda aka jera bayanan haƙƙin mallaka da ƙananan haruffa. A nan za ka ga shekarar da aka fara buga shi, da shekarar bugu na biyu ko na uku, sannan shekarun da aka maimaita. Shekarar bugun ita za ka rubuta, ta maimaitawa kuma ka sa ta daban. A wasu littattafan waje za ka tarar da jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4; mafi ƙanƙantar cikinsu tana nuna karo na nawa aka maimaita, ba bugu na nawa ba. Na ga wanda ya ga 4 a ƙarshe ya tallata nasa a matsayin bugu na huɗu.

Wannan kuskuren ya taɓa cin kuɗina, har yau kuma ina jin zafinsa. Ƙanwata tana karatun lauya, ta buƙaci littafin dokar kamfanoni. Na ga talla an rubuta "sabon bugu, 2021", na biya, aka aiko mana a mota. Duk wanda ya san fannin ya san an sauya dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA, a 2020, ta maye gurbin ta 1990. Littafin nan da ya zo, maimaicin tsohon bugu ne. Yana koyar da cewa sai mutum biyu ko fiye za su kafa kamfani, alhali sabuwar doka ta yarje wa mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa. Lambobin sassan dokar ma duk sun sauya wuri. Yarinyar ta zauna ta haddace sassa, ta shiga gwajin aji, ta kawo su yadda ta karanta. Takardar ta dawo ja wur. Da na kira mai littafin sai ya ce, "Yaya, wallahi 2021 na gani a ciki." Na yarda bai yi niyyar cuta ba. Amma layi biyu ne kawai sama da inda ya duba aka rubuta ainihin shekarar bugun, bai ga dama ya ɗaga ido ba. Ku ji tsoron Allah, ku karanta shafin nan gaba ɗayansa kafin ku rubuta komai! Makin da yarinyar ta rasa ba ya dawowa da "yi haƙuri".

Tun daga nan, al'adata ita ce na rubuta lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a kowace talla, kuma ba na sayen littafin da ba a turo mini ita ba. Tana bayan bango, wajen layukan nan baƙaƙe, tana kuma shafin haƙƙin mallaka. Tun 2007 lambobi 13 ce, tana farawa da 978 ko 979. Tsofaffin littattafai kuwa lambobi 10 gare su. Amfaninta shi ne sabon bugu yana samun sabuwar lamba, maimaici kuma yana riƙe da tsohuwar, don haka mai saye zai iya gwada ta da wadda malaminsa ya bayar. Haka nan littattafan kimiyya da injiniyanci na waje sukan zo da bugu mai araha da aka yi don ƙasashe irin namu, mai lallausan bango, kuma wani lokaci tambayoyin ƙarshen babinsa ba ɗaya suke da na asalin ba. In naka irin wannan ne, ka faɗa. Malami zai ce a yi tambaya ta 12 a babi na 5, yaro ya yi wata daban.

Wasu za su ce in an rubuta tsohon bugu ne ba zai sayu ba. Zai sayu. Littafin lissafin sakandare ko na nahawu, tsohon bugu yana biyan buƙata, kuma akwai mai ƙaramin ƙarfi da ke nemansa. Doka da haraji da ilimin magunguna ne tsufa ke yi wa illa. Mai saye ne zai yanke wannan hukuncin, kai naka ka gaya masa gaskiya.

Na biyu a muni shi ne ɓatattun shafuka. "Komai ya cika," in ji mai talla, kuma in ka tsananta bincike za ka tarar bai taɓa ƙirgawa ba, wucewa kawai ya yi da babban yatsa fiii. Ba haka ake yi ba. Ka zauna, ka shimfiɗa littafin, ka riƙa kallon lambar shafin dama kawai, domin a nan lambobin mara suke: 241, 243, 245. In ka ga tsalle daga 243 zuwa 249, falle biyu sun fita, wato shafi 245 zuwa 248, tunda kowane falle shafi biyu ne. Shi ya sa in na ga an rubuta "shafi ɗaya ne kawai babu", nake sanin ba a duba ba. Shafi ba ya ɓata shi kaɗai.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Littafi ɗinkakke daga ƙananan ɗauri-ɗauri ake haɗa shi, galibi masu shafi 16 ko 32, in ka leƙa ta saman gadon bayansa za ka gan su. In an yage falle ɗaya, ɗan'uwansa da ke ɗaya gefen ɗinkin ya saki ke nan, ko ya riga ya faɗi ko yana hanya. Saboda haka duk inda ka samu giɓi, ka duba 'yan shafukan gaba da na baya da kyau. Wani lokaci ma tun daga maɗaba'a matsalar take, ɗauri guda ya ɓata ko a sa wani sau biyu, kuma littafin ga shi kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Sannan ka duba farko da ƙarshe, don a nan aka fi asara: jerin abubuwan da ke ciki, amsoshin tambayoyi, jadawalin lissafi, fihirisa. Littafin lissafi da babu amsoshinsa ya rasa rabin darajarsa ga mai karatu shi kaɗai da dare. In ka samu giɓin, ka rubuta lambobin shafin da kuma abin da ke wurin. Ni nakan je na yi fotokwafin shafukan daga littafin wani na liƙa, sannan na faɗa a tallar cewa liƙi ne. Wasu na ganin wahala ce, ni dai haka nake yi.

Zancen shafa maka mai launi da ja-layi kuwa, kalmar "kaɗan" ce ke ba ni haushi. Kaɗan ɗin wa? Ka faɗi da me aka yi, a ina, kuma nawa. Fensir yana gogewa, biro ba ya gogewa. Maka ruwan ɗorawa ba ta cika damun karatu ba, amma shuɗiya da koriya sukan yi duhu in an yi fotokwafi, a siririyar takarda kuma suna ɓullowa ta baya. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ko an cike amsoshi a ciki, domin littafin atisaye da aka riga aka amsa ba shi da amfani ga mai gwada kansa. Ka ɗauki hoton shafin da ya fi kowanne dameji ka sa, ba mafi tsabta ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. In ruwa ya taɓa shi har takarda ta yi kumbura-kumbura, ko damina ta sa ya yi funfuna yana wari, ka faɗa, don hoto ba ya ɗaukar wari. In gara ta ci gefe, ka ce ta kai rubutu ko ba ta kai ba. In gam ya saki an kama da salatif, ka ce haka. Lambar sirrin shiga intanet da ke zuwa da wasu littattafan, in an kankare an yi amfani da ita, ta mutu. In na jabu ne, irin mai dishi-dishin hotuna, kada ka sa masa kuɗin na asali. Ni ba ma na tallata irinsu. Mai hatimin laburare kuwa ba naka ba ne, ka mayar musu da kayansu.

Ga yadda nake rubuta tawa, bayan sunan littafin da na marubucinsa: "Bugu na 3, na 2018, wannan kwafin maimaicin 2020 ne. Lambar ISBN tana cikin hoto na biyu. Lallausan bango, ya lanƙwashe a kusurwa, ɗinki bai saki ba. An ja layi da maka ruwan ɗorawa daga babi na 1 zuwa na 6, sauran babu komai. Akwai rubutun biro a gefen shafi 88 da 90. Shafi 245 zuwa 248 sun ɓata, ƙarshen babi na 9 ne, na liƙa fotokwafinsu. Amsoshi da fihirisa sun cika. Naira 8,000. A zo a duba a Farin Gada kafin a biya." Hotuna huɗu nake haɗawa da ita: bango, shafin haƙƙin mallaka, shafin da ya fi shan maka, da wurin da na yi liƙin. Wanda ya zo karɓa kuma, nakan buɗe masa shafi 245 ya gani da idonsa kafin na ba shi lambar asusuna.