Ƙofar wadrob mai turawa da ta ƙi zama kan layi

A Gusau ƙurar hunturu ba ta barin komai, har ramin layin ƙasa na wadrob ɗin uwargida ta cika shi. Ƙofar ta fara cijewa a tsakiya, in an matsa mata sai ta fice daga layin.

Na ɗaga ta sama, na jawo gindinta waje, na kwantar. Tayoyin roba biyun da ke ƙasa, ɗaya ta cinye gefe guda, ɗaya kuma boris ɗinta ya daskare, jan ƙasa take maimakon juyawa. Ita ce ta ƙwarzane layin alminiyon har ya lotsa.

Tsohuwar tayar na kai kasuwa don a gwada faɗinta, domin in bakin taya bai dace da layi ba aikin banza ne. Na sayo biyu da sabon layi, na yanka daidai tsawon tsohon, na ɗaure da sukurori.

Da na mayar da ƙofar, sai na riƙa juya sukurun saiti na kowace taya har gefenta ya haɗu da bangon wadrob daga sama zuwa ƙasa.

Ban sa giris ba, ƙura yake tarawa. Buroshi ya isa.