Darasi na 7: Jaririn uwa mai ciwon suga, me ya sa sugansa ke sauka bayan haihuwa?

Mata da yawa suna mamaki, wai uwa ce ke fama da hawan suga amma sai ga nas tana cewa sugan jaririn ne ya sauka. Toh ai tun daga ciki abin ya samo asali. Sugan da ke jinin uwa yana bi ta mabiyiya ya shiga jikin ɗan tayi ta cibiya, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai cikin tsoka, shi ba ya wucewa. Dole yaron ya riƙa yin nasa, in suga ya yi ta zuwa da yawa shi ma jikinsa sai ya yi ta zubo insulin da yawa, kuma shi ne ke sa shi ƙiba, shi ya sa za ki ga irin yaran nan wasu sun wuce kilo 4.

Ana yanke cibiya sugan uwa ya daina zuwa, shi kuwa insulin ɗin yaron bai san an yanke ba, yana nan da yawansa yana ta kwashe ɗan abin da ya rage. Cikin awa 1 zuwa 2 na farko ne sugan ya fi sauka, ƙwaƙwalwar jariri kuma da suga take aiki, in ya sauka sosai ya daɗe zai iya taɓa ta. Ko ciwon sugan da juna biyu ya zo da shi ne ko wanda ake da shi tun da, duk hanyar ɗaya ce.

Bari mu ɗauki misali. An haifi yaro ƙarfe 8 na safe, kilo 4.2, jawur da shi ɓul-ɓul kowa na cewa masha Allah. Nas ta goge shi ta kwantar da shi a ƙirjin uwar fata da fata ta lulluɓe su, don jariri in ya ji sanyi sugansa yake ƙonawa ya ɗumama jiki. Kafin 8:30 ya kama nono ya sha dakashi. Wajen ƙarfe 10:30 kafin ya sake sha sai ta soki gefen dunduniyarsa da ƴar allura, ba tsakiya ba don akwai ƙashi kusa, ta ɗiga jinin a tsinken gwaji, na'ura ta nuna 1.8 mmol/L. Asibitoci da yawa 2.6 suke son gani ko sama.

Yaron nan fa lafiya lau yake a ido, kuma nan ne haɗarin yake, don da yawansu ba sa nuna komai, ƙiba kuma ba ta nufin ya ƙoshi. Shi ya sa ba a jira sai an ga alama ake gwaji.

Sai nas ta auno jel ɗin gulukos, wato suga mai kauri, mai ƙarfin kashi 40 cikin 100, rabin mililita a kowane kilo, nasa ya kama mililita 2.1, ta goge cikin kumatunsa ta shafa masa da yatsa sanye da safar hannu, sannan aka mayar da shi kan nono. In ya kasa tsotsa sai uwar ta tatso a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, wani lokacin ta siririn tiyo na hanci. Bayan minti 30 zuwa awa 1 aka sake gwadawa, 2.9. Daga nan shayarwa ce duk awa 2 zuwa 3 ko yana barci a tashe shi, ana gwaji kafin ya sha, har sai an samu sakamako mai kyau sau biyu ko uku a jere, galibi dai ba a sallama kafin awa 24.

Da a ce jel sau biyu bai ɗaga shi ba, ko lambar ta yi ƙasa sosai, ko yaron ya fara karkarwa, jikinsa ya saki, ya ƙi nono, numfashi na ɗaukewa ko jijjiga, toh ba zancen nono kaɗai kuma, ɗakin jarirai za a kai shi a sa masa ƙarin ruwa mai gulukos ta jijiya. Ke da ke kusa da shi in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan kira nas nan take, kar ki ce bari lokacin gwaji ya yi.

Wata za ta ce nas ni fa ina tsoron nonona ya sa masa ciwon. A'a, nono ba ya sa ciwon suga, kuma saukar nan ba ciwon suga ba ce, yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 insulin ɗinsa yake daidaita. Ke dai ki ci abinci kafin ki shayar ko kina shayarwa, musamman in kina yin allurar insulin, don bayan haihuwa buƙatarki ta ragu kuma naki sugan ma yana iya faɗuwa.