Yadda ake tantance tambayoyin jarrabawa bayan an gama gyaran takardu

Idan an gama gyaran takardun jarrabawa, abin da aka saba shi ne a shigar da maki a rajista, a ɗaure takardun da igiya, a jefa su cikin kabad. Alhali takardun nan suna ɗauke da labarin da makin bai faɗa ba: wace tambaya ce ta auna sanin yara da gaske, wacce ce kyauta, wacce kuma ta zalunci wasu. Aikin fito da wannan labari ba ya buƙatar komai sai takarda mai layi, biro, da na'urar lissafin da ke cikin wayarka.

Mu ɗauki misali. Malamin lissafi ne a wata koleji a nan Damagaram, yana da ɗalibai 60 a ajin ƙarshe, masu shirin BEPC. Ya yi musu jarrabawar gwaji mai tambayoyi 20, kowacce maki ɗaya, kowacce da amsoshi huɗu da za a zaɓi ɗaya.

Da farko ka jera takardun bisa jimillar maki, mafi yawa a sama, mafi ƙanƙanta a ƙasa. Sai ka zana jadawali: kowane ɗalibi layinsa, kowace tambaya gurbinta. Wanda ya ci tambaya ka rubuta masa 1, wanda ya faɗi 0. Wanda bai taɓa tambayar ba sam, kada ka haɗa shi da wanda ya amsa ya kuskure. Ka ja masa ɗan layi. Wannan bambanci zai yi maka amfani nan gaba.

Abu na farko da za ka lissafa shi ne sauƙin kowace tambaya. Ka ƙirga waɗanda suka ci, ka raba da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar. Masana suna kiran wannan adadi p.

```
p = waɗanda suka ci ÷ duk ɗalibai
```

A ajin malaminmu, ɗalibai 57 suka ci tambaya ta 1, wato p ya kai 0,95. Tambaya ta 7 kuwa mutum 9 kaɗai suka ci, p ya tsaya a 0,15. Abin da aka saba bi shi ne, tambayar da ta haura 0,80 ko 0,90 ta yi sauƙi, wadda ta gaza 0,30 ta yi wuya, na tsakani su ne suka fi bambanta yara. Amma ka tuna cewa a tambaya mai zaɓi huɗu, ko da ka rufe ido ka yi canke, za ka dace sau ɗaya cikin huɗu. Don haka p na 0,25 a irin wannan tambaya yana iya nufin babu wanda ya san amsar, kowa sa'a ya gwada. Idan kana da kwamfuta, a Excel na Faransanci `=MOYENNE(B2:B61)` zai ba ka p na tambayar da ke gurbin B, a na Ingilishi kuma `=AVERAGE(B2:B61)`. Sai dai a nan dole ka mayar da ɗan layin nan ya zama 0, in ba haka ba ba za a ƙirga shi ba.

Na san mafi yawan jarrabawarmu ba ta canke ba ce, ta rubutu ce, inda tambaya ɗaya take da maki 3 ko 4 kuma yaro yana iya samun rabi. Hanyar ba ta canza ba. Ka ɗauki matsakaicin abin da aji ya samu a tambayar, ka raba da cikakken makinta. Tambaya mai maki 4 da matsakaicin aji ya zama 1, p ɗinta 0,25 ne.

Sai dai sauƙi da wuya kaɗai ba su isa hukunci ba, a nan ne mutane da yawa suke tsayawa su yi kuskure. Tambaya mai wuya tana iya zama mai kyau ƙwarai. Abin dubawa shi ne su wa suka ci ta. Don gane haka, ka ware kashi 27 cikin 100 na takardun da ke sama, da kashi 27 cikin 100 na waɗanda ke ƙasa. Wani masanin awon jarrabawa, Truman Kelley, shi ya nuna a 1939 cewa wannan kaso ya fi dacewa: rukunonin sun yi nisa da juna, kuma ba su yi ƙanƙanta ba. A aji mai mutum 60, takardu 16 ke nan a sama, 16 a ƙasa. Na tsakiya ka ajiye su gefe tukuna. Adadin da ke nuna yadda tambaya ta bambanta na sama da na ƙasa, shi ake kira D.

```
D = (masu ci a sama − masu ci a ƙasa) ÷ yawan rukuni ɗaya
```

Koma kan tambaya ta 7, wadda ta gagari aji. Cikin 16 na sama, 7 sun ci. Cikin na ƙasa babu ko ɗaya. D ya zama 7 a raba da 16, wato 0,44. Bisa ma'aunin masani Robert Ebel da aka fi amfani da shi, 0,40 zuwa sama tambaya ce mai kyau sosai, 0,30 zuwa 0,39 ta yi, 0,20 zuwa 0,29 tana son gyara, abin da ya gaza 0,20 kuma a sake duba shi da kyau. Ke nan tambaya ta 7 tana da wuya amma ba ta da laifi. Abin da take faɗa wa malam shi ne darasin bai zauna ba, ya sake koyar da shi kafin babbar jarrabawa.

Tambaya ta 1 kuwa, 16 suka ci a sama, 14 a ƙasa, D bai wuce 0,13 ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, tambayar da kusan kowa ya ci ba ta da damar bambanta kowa. Ni a ganina a bar ɗaya ko biyu irinta a farkon takarda, don yaro ya samu natsuwa. Idan sun kai takwas cikin ashirin, to jarrabawar ce ta yi sanyi.

Inda za ka buɗe ido shi ne inda D ya faɗi ƙasa da sifiri. Tambaya ta 12 mutum 12 suka ci, p 0,20. Amma a sama 2 ne kawai, a ƙasa 5, D ya zama −0,19. Marasa ƙarfi sun fi masu ƙarfi ci, kuma wannan ba ya faruwa haka kawai. Sai ka ɗauko takardun 16 na sama ka ƙirga abin da kowa ya zaɓa. Tambayar ita ce: tiyar gero ta tashi daga sefa 800 zuwa 1000, kashi nawa cikin ɗari ta ƙaru? Mutum 11 a cikinsu sun zaɓi 25. Takardar amsoshin da aka yi gyara da ita ta ce 20. Yaran ne suke da gaskiya, domin ƙarin 200 ana raba shi da farashin farko, 800, ba da 1000 ba. Yara goma sha ɗaya mafi ƙwazo an kwashe musu maki a kan amsa daidai, ban da na tsakiya da suka yi irinta. Ba kullum ne laifin yake a takardar amsa ba. Wani lokaci amsoshi biyu ne suke iya zama daidai, ko jimlar tambayar tana ɗaukar ma'ana biyu. Alamar dai ɗaya ce: masu ƙwazo sun taru a kan amsar da aka ce kuskure ce.

Yanzu ka duba layukan da ka ja. Idan tambayoyi na 18, 19 da 20 cike suke da guraben da ba a taɓa ba, har a takardun na sama, kada ka ce sun yi wuya. Lokaci ne bai isa ba.

Saura tambayar da ta fi wuyar kamawa, wadda ba ta yi adalci ba. Ita lambobinta na farko lafiya lau suke fitowa. Tambaya ta 15 mutum 27 suka ci, p 0,45, kuma na sama sun fi na ƙasa ci. Tambayar tana cewa wata ƙungiyar ƙwallo ta ci wasa 5, ta yi kunnen doki 3, ta sha kashi 2, maki nawa take da shi? Babu inda aka rubuta cewa nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Wanda yake bin ƙwallo ya sani, wanda ba ya bi kuma ko ya fi kowa iya lissafi sai ya tsaya.

Kada ka yi gaggawar kwatanta maza duka da mata duka, domin idan rukuni ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi a darasin gaba ɗaya, bambanci zai fito a kowace tambaya ba tare da an zalunci kowa ba. Abin yi shi ne ka kwatanta waɗanda jimillarsu ta yi kusa. Raba ajin gida uku, ashirin-ashirin. A gidan sama, maza 10 cikin 11 suka ci, mata 4 cikin 9. A tsakiya, maza 8 cikin 13, mace 1 cikin 7. A ƙasa, maza 4 cikin 12, mata 8 babu wadda ta ci. Yarinyar da take kafaɗa da kafaɗa da namiji a sauran tambayoyi 19, a nan kaɗai ta faɗi, kuma haka abin yake a gidaje ukun. Wannan shi ne shaidar cewa tambayar tana auna wani abu dabam ban da lissafi. Manyan hukumomin jarrabawa suna yin wannan kwatanci da hanyar lissafi ta Mantel da Haenszel, amma tushen tunanin shi ne wannan da ka yi da hannu.

Irin wannan kwatanci ya kamata ka yi tsakanin ƴan cikin gari da yaran da suka zo daga ƙauyuka. Tambayar da aka gina a kan takardar kuɗin wuta, yaron Birni ko Sabon Gari da gidansu ke da mita ya saba ganinta, wanda ya zo daga wani ƙauye a yankin Mirriya mai yiwuwa bai taɓa riƙe ta ba. Haka nan harshe: da Faransanci muke tambaya, yara kuwa Hausa ko Barbarci suke yi a gida. Doguwar jimla mai kalmomin da ba a koyar ba tana mayar da tambayar lissafi ta zama gwajin karatu.

Ka riƙe iyakar waɗannan lambobi. A rukuni mai mutum 16, ɗalibi ɗaya tak yana motsa D da kusan 0,06, don haka 0,19 da 0,25 ba su da wani bambanci da za a yi hukunci a kansa. Idan ajinka bai kai 30 ba, raba shi biyu kawai maimakon kashi 27, ko ka haɗa takardu da malamin ajin da suka yi jarrabawa iri ɗaya. Lambobin suna nuna maka inda za ka duba ne. Hukunci sai ka sake karanta tambayar, ka kuma kira yara biyu ko uku ka ce su faɗa maka yadda suka fahimce ta.

Game da makin yara, tambaya ta 12 a gyara takardar amsa, a sake gyaranta a duk takardu 60, sannan a sake jera su, domin jimilla ta canza. Tambaya ta 15 a cire ta daga lissafi, a ninka abin da kowa ya samu da 20 a raba da 19, makin ya koma bisa 20. Idan kana son amfani da ita baɗi, ƙara mata layi ɗaya da ke bayyana makin nasara da na kunnen doki, ka rubuta p da D na bana a gefenta cikin littafin tambayoyinka, don ka ga ko gyaran ya yi aiki.